Yarjejeniyar ɗan shekara 16: ya soke ko ya ci gaba?

Iyaye suna yawan tambayata wanne ya fi idan yaronsu mai shekara 16 ya sa hannu a takarda. A tsarin shari'ar Ingila da wasu ƙasashen da suka gaje shi, yawancin irin wannan yarjejeniya ba matacciya ba ce, mai yiwuwar sokewa ce. Tana aiki, ta ɗaure babban da ya ƙulla ta, amma yaron yana da zaɓin fita.

A ce ya karɓi hayar shago na shekara uku. Idan ya soke bayan wata shida, kuɗin hayar gaba ya faɗi daga kansa. Sai dai na watannin da ya riga ya zauna da wuya ya dawo, nan mutane suke shan mamaki.

Ci gaba kuwa ya fi sauƙi, amma yana da tarko. Idan ya cika shekarun girma a doka, 18 a ƙasashe da dama, ya yi shiru har lokaci ya ja, hayar ta kama shi gaba ɗaya.

Abubuwan larura kuwa, kamar abinci da sutura daidai bukatarsa, hukuncinsu daban ne: dole ya biya farashi mai ma'ana.

Sokewa ta dace da wanda nauyin gaba ya fi ƙarfinsa. Wanda shagon ke kawo masa riba, ya riƙe.