Gargaɗi kan masu tallan keken ɗinki a intanet, da yadda muka karɓo kuɗin ƙanwata ta banki

Jama'ar Gombe, musamman teloli mata, ku yi hattara da wani shafi da ke tallan kekunan ɗinki da injinan surfani a Facebook, yana cewa daga Legas yake turo kaya cikin mako guda. Ba zan kama suna ba, domin sau biyu ke nan ina ganin ya sauya suna, hotunan kekunan ne kawai ba sa sauyawa. Ƙanwata da ke ɗinki a Pantami ta faɗa hannunsu. Allah Ya taimaka kuɗinta ya dawo, kuma hanyar da ya bi ya dawo nake so ku sani, don na lura yawancinmu muna yawo da katin banki a aljihu ba mu san haƙƙin da ke cikinsa ba.

Ranar 4 ga Maris ta biya naira 185,000 da katinta na Visa a shafin nasu. Ta sa lambar kati, banki ya turo mata OTP, ta shigar, alat ya faɗo. Suka aiko da rasit mai cewa kaya zai iso Gombe ranar 11 ga Maris. Kuɗin adashe ne da ta yi wata tara tana zubi. Har ta kwashe tsummokaran da ke kusurwar ɗakin ɗinkinta ta share wurin da za ta ajiye keken.

Ranar ta zo ta wuce. Suka ce mota ta lalace a hanya. Bayan mako biyu suka turo hoton takardar webil, ta hau Keke Napep zuwa Tashar Dukku, aka duba littafi babu kaya mai wannan lamba. Sai suka koma lallashi: Hajiya ki yi haƙuri, kaya ya ƙare, sabon kwantena na hanya, idan kuma kuɗinki kike so, manaja zai sa hannu ƙarshen wata. Ba su taɓa rufe ta ba, ba su taɓa yi mata tsawa ba, kullum da ladabi suke amsawa. Shi ya sa ta yi wata biyu cur ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da ta zo gidana da wayar a hannu, abin da ta ce shi ne: “Yaya, ni fa ba na jin ɓarayi ne, ai suna ɗaga waya.”

Wannan ɗaga wayar shi ne damfarar. Sun san abin da ba ta sani ba, wato kuɗin da aka biya da kati ana iya janyo shi, amma na ɗan wani lokaci ne. Duk wani “ki ƙara mana mako guda” kwanakinta ne suke cinyewa.

Abin da ma'aikatan banki ke kira cajbak ke nan. Idan ka biya da kati, kuɗinka bai tafi kai tsaye aljihun mai kaya ba. Akwai bankinka da ya ba ka katin, akwai bankin ko kamfanin da ke karɓar wa mai kaya kuɗi, a tsakiyarsu kuma kamfanin katin ne, Visa ko Mastercard ko Verve, mai dokokin da kowa ya sa hannu a kai kafin ya shiga harkar. Cikin dokokin akwai cewa idan mai saye bai samu kayansa ba, bankinsa na da ikon shigar da ƙorafi ya nemi kuɗin daga bankin mai kaya. Ba roƙon ɗan damfara za a yi ba. Bankin da ya yarda ya riƙa karɓar masa kuɗi shi ke da alhaki, ko da mutumin ya kwashe asusunsa ya gudu, sai su je can su ƙarata tsakaninsu.

Kowane irin ƙorafi da lambarsa. A Visa, kayan da ba su iso ba lambarsu 13.1. A Mastercard suna ƙarƙashin 4853. Wa'adin shigarwa a duka biyun kwana 120 ne, ana ƙirga shi daga ranar ciniki ko daga ranar da aka yi alkawarin kawo kaya. Shi ya sa rasit ɗin nan mai ɗauke da 11 ga Maris ya fi duk hirarsu daraja. Da shi muka lissafa, wa'adinta zai cika ranar 9 ga Yuli. Da babu rubutacciyar ranar kawowa, Visa na so a jira kwana 15 daga ranar ciniki kafin a shigar, ƙirgar kuma ta fara da wuri. Kada kowa ya jingina da kwana 120 ɗin nan kamar bango. Banki na bukatar nasa kwanakin ya haɗa takardu, kuma cinikin naira na cikin gida, musamman da katin Verve, yana bin ƙa'idar kamfanin da ya sarrafa biyan, wadda za ta iya fin haka gajarta. Da ranar alkawari ta wuce da 'yan kwanaki, ka nufi banki.

Kafin mu je, na sa ta rubuta musu saƙo ɗaya tak: ban karɓi kayan da na biya ranar kaza ba, ina neman kuɗina cikin kwana uku. Doka na so a ga ka fara neman sulhu da mai kaya. Suka amsa da haƙurin da suka saba, muka ɗauki hoton amsar. Muka je wurin masu buga takardu a Jekadafari muka fitar da hoton tallan da farashinsa, rasit, alat, webil ɗin bogi da hirar WhatsApp tun daga farko, kowanne da kwanan watansa a fili.

A banki ne muka kusa yin asarar komai, kuma a nan nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Ƙanwata na zama gaban teburin ƙorafi ta ce, “An sace mini kuɗi a kati.” Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce, “Hajiya, ai ke kika sa OTP da hannunki, wannan ba sata ba ce.” Ta kama hanyar sallamar mu. A bisa abin da aka gaya mata, gaskiyarta ce. Ƙorafin “ba ni na yi cinikin ba” daban yake da ƙorafin “ni na biya amma ba a kawo ba”. Na farkon, da zarar an nuna cewa OTP ya shiga wayarka kuma ka shigar, ya faɗi. Na biyun kuwa babu ruwansa da OTP, ai kai da bakinka kake cewa ka biya. Mutane da yawa na zaɓar na farkon don suna ganin ya fi zafi, banki zai fi tashi tsaye, sai su kashe maganarsu da kansu, ga shi kuma ba gaskiya suka faɗa ba.

Na ce mata, “Ranki ya daɗe, ba sata muka zo kai ƙara ba. Ita ta biya, kaya ne ba a kawo ba. Fom ɗin ƙorafin cinikin kati muke so, a tura wa sashen kati su shigar da cajbak.” Nan take maganar ta sauya. Ta ɗauko fom, muka cike ranar ciniki, adadin kuɗi, sunan mai karɓa kamar yadda ya fito a alat (ba sunan shafin Facebook ba, don sun bambanta), da lambobi huɗu na ƙarshen katin. Muka nemi lambar ƙorafi, ta rubuta mana. Kada ka bar banki ba tare da wannan lamba ba, da ita za ka bibiya, da ita kuma za ka kai ƙara gaba.

Daga nan sai jira. Ana ba ɓangaren mai kaya dama ya kare kansa, a Visa kwana 30. Babbar kariyar da ke cinye irin wannan ƙorafi ita ce shaidar cewa an kai kaya an karɓa. Su ma sun san haka. Mako guda bayan mun shigar, wani ɗan acaɓa ya kira ƙanwata wai ga saƙonta daga Legas, ta fito ta sa hannu. Kwali ne da bai fi na takalmi ba. Keken ɗinki na masana'anta mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi, balle ya shiga wannan. Ta kira ni, na ce kada ta karɓa, kada ta sa hannu, ta ɗauki hoton kwalin a hannunsa. Da ta sa hannu, da sun kai takardar a matsayin shaidar isar kaya, maganar ta koma ta “abin da aka kawo ba shi na saya ba”, wadda ke da tata lambar daban kuma ta fi wuyar tabbatarwa. Shi ɗan acaɓan aike aka ba shi, bai san komai ba.

Ba su da wata shaidar. A mako na shida da shigar da ƙorafi naira 185,000 ta dawo asusunta cif.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata maƙwabciyarta da ta sayi irin keken a wuri guda. Ita sun ce mata idan ta bar kati ta yi tiransifa za su rage mata dubu goma. Ta yi. Tiransifa ba ta da cajbak, don ba ta bi ta kamfanin kati ba, kuɗi ne ka ɗauka ka miƙa da kanka, cikin daƙiƙoƙi ya sauka. Ko a shafin biya na gaskiya ne, idan ka danna wurin tiransifa ko USSD maimakon kati, wannan kariyar ta kati ba ta hau kanka ba. Abin da ya rage mata shi ne sanar da bankinta da gaggawa ko za a tarar da wani abu a asusun da ya karɓa, da kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Ta yi duka, har yau shiru.

Idan bankinka ya yi biris da kai, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Sharaɗinsu ka fara kai wa bankinka, ka ba shi mako biyu, sannan ka rubuta zuwa cpd@cbn.gov.ng da lambar ƙorafin da aka ba ka da kwafin takardunka. Kada kuma ka je ƙarƙashin shafin banki a Facebook ka zuba kukanka da lambar wayarka. Akwai masu zaman jiran irin wannan, su kira ka da sunan banki su ce ka karanto lambar kati da OTP a mayar maka da kuɗi. Mayar da kuɗi ba ya bukatar OTP ko lambar sirri, fitar da kuɗi ne ke bukatarsu.

Jiya na sake ganin tallan da sabon suna, keke iri ɗaya a kan jan kafet iri ɗaya. Yanzu sun cire wurin biya da kati gaba ɗaya, lambar asusu kawai suke turowa. Idan akwai wadda ta biya su da kati cikin watanni huɗun nan, ta duba ranar da ke kan rasit ɗinta yau, gobe da safe ta kasance a banki.