Neman shaida wajen tsohon maigida: saƙo biyu, wanne ke samun amsa?

Tambaya: "Jama'a, na nemi aikin shugaban sito a wani kamfani, sun ce in kawo wanda zai ba da shaida a kaina kafin 14 ga Maris. Tsohon maigidana nake so, amma shekara uku ba mu yi magana ba. In tura gajeriyar gaisuwa in jira ya amsa, ko in zayyana masa komai a saƙo ɗaya?"

Ɗan'uwa, zayyana masa komai a saƙo ɗaya, amma a taƙaice. Ga saƙo biyu a jere don ka ga inda suka rabu.

Na farko:

"Salamu alaikum Yallaɓai, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? An kwana biyu. Don Allah wata alfarma nake nema, ina so ka taimaka mini da takardar shaida idan ka samu lokaci. Na gode."

Na biyu:

"Salamu alaikum Yallaɓai, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Wane, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka a sashen sito daga 2019 zuwa 2022. Ni na riƙe lissafin shigar kaya da fitarsu lokacin da muka koma kwamfuta. Na nemi aikin shugaban sito a wani kamfanin rarraba kaya, ina roƙon ka amince in ba da sunanka a matsayin mai shaida. Idan ka yarda, za su aiko maka fom ta imel a cike shi kafin Juma'a 14 ga Maris. Abu biyu suka fi dubawa: riƙon amanar kaya da iya jagorantar ma'aikata. Na haɗo da tarihin aikina da tallan aikin. Idan lokaci bai ba ka dama ba, ko kana ganin ba za ka iya ba da cikakkiyar shaida ba, wallahi babu komai, sanar da ni kawai zuwa Laraba don in nemi wani. Na gode ƙwarai, Yallaɓai."

Ta fuskar ladabi duka biyun ba su da laifi. Matsalar na farko ita ce ya jibga wa mutum aiki. Kafin ya ce e ko a'a, sai ya tuna wane ne kai, ya tambayi wane aiki, wa za a aika wa, yaushe. Tambaya huɗu ke nan, kuma mai aiki a gabansa ba ya yin su nan take, sai ya ce bari anjima, anjiman kuma ta zama mako biyu. Kalmar "idan ka samu lokaci" ita ta fi cutarwa. Kai a ranka girmamawa ce, shi kuwa abin da ya karanta shi ne babu gaggawa, alhali kana da rana tsayayya. Saƙo na biyu ana iya amsa shi da kalma ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofar taro: "Na amince."

Dubi layin tunatarwa. Wanda ya shugabanci mutum goma sha biyar ko ashirin, wasu sun tafi wasu sun zo, zai iya tuna fuskarka ya manta abin da ka yi. Shi ya sa shekaru da sashe ba su isa ba, sai ka ambaci aiki ɗaya da kuka yi tare. Wannan layin yakan koma cikin shaidar kusan yadda ka rubuta shi, don haka ka zaɓi abin da ya dace da sabon aikin, kuma wanda ya gani da idonsa. Kada ka ƙara gishiri. Idan ka ce kai ka jagoranci aikin alhali taimakawa ka yi, zai lura, kuma daga nan hannunsa zai yi sanyi. Shekarun ma su yi daidai da na tarihin aikinka, domin sabon kamfanin yakan gwada su. Idan kai ka ce 2019 shi ya ce 2020, tambaya ta taso inda babu ita.

Sai irin shaidar. "Takardar shaida" a saƙon farko tana iya nufin abu uku masu nauyi daban-daban. Wasiƙa ce da zai zauna ya rubuta, wadda ke buƙatar ka ba shi mako uku zuwa huɗu? Fom ne da zai cike a zama ɗaya, wanda mako biyu ya wadatar? Ko kiran waya ne na 'yan mintuna? Idan ba ka sani ba, tambayi masu ɗaukar aikin kafin ka rubuta masa. A naka lissafin, ranar ƙarshe 14 ga Maris ce, to saƙon ya fita a kusan 21 ga Fabrairu, amsarsa ta zo zuwa Laraba 26, sai ya rage maka fiye da mako biyu ko da ya ce a'a.

Layin da mutane suka fi jin tsoron sakawa shi ne na buɗe masa ƙofar ƙi, kuma a ganina shi ne mafi amfani a gare ka. Wanda kunya ta sa ya amince ba tare da yana da abin faɗa ba, zai rubuta layi uku: ya yi aiki da mu, yana zuwa kan lokaci, ba mu da ƙorafi. Mai ɗaukar aiki ya san ma'anar irin wannan shaidar. Gara a ce maka a'a da wuri ka nemi wani. Akwai kuma kamfanonin da ƙa'idarsu ta hana shugaba cewa komai ban da tabbatar da muƙami da shekarun aiki. Idan haka ne a wurinsa, wannan layin ne zai sa ya gaya maka ba tare da jin nauyi ba.

Game da shekara ukun da kuka yi shiru: jimla ɗaya ta gaisuwa ta isa, kada ka cika shafi da ban haƙuri. In kana ganin ya fi son a kira shi, kira ka gaishe shi ka faɗi buƙatarka, amma a ranar ka bi da saƙo na biyu a rubuce. Abin da aka faɗa a waya ba ya riƙe kwanan wata.

Bayan ya amince, ka tambaye shi wane imel da wace lamba yake so ka bayar, domin wataƙila ya sauya wurin aiki, kuma wasu masu ɗaukar aiki sun fi yarda da imel na ofis. Ranar da ka miƙa sunansa ka sanar da shi, ka gaya masa sunan kamfanin da fom zai fito daga gare shi, ka ce ya leƙa Spam idan bai gani ba, don irin waɗannan saƙonnin sukan faɗa can. Saura mako ɗaya, wato 7 ga Maris, ka tura tunatarwa a ƙarƙashin saƙon farko don takardun su kasance a gabansa: "Yallaɓai, ina tuni ne kan fom ɗin, ranar ƙarshe Juma'a mai zuwa. Ko ya iso?" Idan saura kwana biyu ba a cike ba, ka kira shi. Idan kuwa tun farko Laraba ta wuce bai ce komai ba, ka tuntuɓe shi sau ɗaya, in shirun ya ci gaba ka koma ga mutum na biyu, kuma kada ka rubuta sunansa a fom ɗin kamfanin tunda bai ce ya yarda ba.