Bashin 600,000 na ci, 498,000 suka shigo

Jama'ar Katsina, ku ji abin da wani kamfanin ba da rance ya yi min. Ba zan kama suna ba tukuna, amma takardu suna hannuna, hoton alat ɗin ma zan ɗora shi kowa ya gani da idonsa.

Naira 600,000 na nema don in saro kaya a kasuwar Singa, in cika shagona na kayan masarufi a Ƙofar Ƙaura. Alat ya shigo, 498,000. Na ɗauka netwok ne, sauran na tafe. Har na yi wa direba magana. Naira 102,000 babu su, tun kuɗin bai taɓa hannuna ba.

Yaron da ya kawo min su ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke sallar Azahar. Yana zaune a kan bencina yana cewa, "Alhaji, kashi 4 ne kacal a wata, wallahi ba wani ɓoye-ɓoye." Na tambaye shi, akwai wani abu bayan wannan? Ya ce, "Haba Alhaji, ni zan cuce ka?" Kada wani ya ce ban tambaya ba, na tambaya. Na yi lissafina a gabansa da kalkuleta: 24,000 a wata, wata 6, ruwa 144,000, in mayar da 744,000, wato 124,000 duk wata. Ba yau na fara kasuwa ba. Masu cewa ai dama bashin ruwa haramun ne, na ji, ku bar ni da abin da ke damuna.

Sai da na tayar da jijiyar wuya a ofishinsu suka buga min sitatimen. Layin farko an rubuta Processing Fee, kashi 3, 18,000, wai kuɗin duba takarduna. Ƙasansa Management Fee, kashi 2, 12,000, wai na kula da bashin. Duba takarda da kula da ita ba aiki ɗaya ba ne? Sai inshora, wasu 12,000, kuma ba a ba ni ko ƙyallen takarda da ke cewa me ta rufe ba, gobara ce ko mutuwa. Babban shi ne ajiyar dole, kashi 10, 60,000, wai sai na gama biya za a ba ni. Na manta ma, tun kafin duk wannan na ba yaron 5,000 kuɗin fom a hannu, ba rasit.

Abin da ya fi ƙona min rai, ruwan a kan 600,000 suke lissafa shi, ba a kan 498,000 da na karɓa ba. Har 60,000 ɗin da ke kwance a asusunsu ina biya wa ruwa. Kuɗin yana wurinsu, ni ke biya! Ko an dawo min da ajiyar cas, 144,000 da 42,000 na caje-caje sun tashi 186,000, a kan 498,000. Kashi 37 ke nan da ɗoriya a wata 6, ba 24 da aka nuna min ba. Kuma duk wata ina rage uwar kuɗi da 100,000, amma ruwan bai motsi, a watan ƙarshe ma 24,000 ne a kan ragowar 100,000.

Manajan ya ce, "Yallaɓai, ai ka sa hannu." Na sa, a shafin ƙarshe da yaron ya buɗe min, yana cewa, "Alhaji, a yi sauri, yau ake rufe na wannan makon." Cajin suna shafin tsakiya da ƙananan haruffa, da kashi kashi, ba wurin da aka rubuta jimillar abin da zai shigo min. Ni zan cuce ka, in ji shi. Har lemo na saya masa.

Wani ƙanena ma'aikacin banki ya nuna min jadawalin caji na CBN da ya fara aiki a Janairun 2020. A jadawalin an rubuta cewa kuɗin kula da rance ba zai wuce kashi 1 ba, sau ɗaya, kuma kuɗin duba takardu a cikinsa yake. Ni kashi 5 aka yanka, an raba shi gida biyu da suna daban daban. Na rubuta musu ƙorafi na karɓi kwafi mai hatimi. In ba su dawo da kuɗina ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN zan nufa.

In za ka karɓi rance, a rubuta maka da lamba nawa zai shigo asusunka da nawa za ka mayar gaba ɗaya, ka tafi da takardar gida ka karanta. In sun ce ba a fita da ita, tashi ka ba su wuri.