Put ko Call: me ya sa kariyar faɗuwa ta fi tsada?

Wani ƙanena a Unguwar Rimi da ke sayen hannun jarin Amurka ta waya ya nuna mini allonsa. Hannun jarin yana kan dala 100, saura kwana 30 wa'adin kwangilolin ya ƙare. Put na 90, wato ikon sayarwa a 90 in farashi ya faɗi, kwangilar hannu 100 dala 43. Call na 110, ikon saye a 110, dala 12 kacal. Ya ce, "Yaya, ba tazara ɗaya ba ce? Ko cuta ce?"

Ba cuta ba ce. Ka duba layin IV, wato girgizar farashin da kasuwa ke tsammani. Na Put 30% ne, na Call 20%. Da duka biyun 25% ne, lissafin Black-Scholes da ake ƙiyasta farashin Put da Call da shi, in ba a sa kuɗin ruwa ba, zai ba Put kusan dala 21, Call kuma 32. Ashe Call ne ma zai fi tsada. Wannan bambancin IV shi ake kira karkata.

Tushenta tsoro ne mai hujja. Ranar 19 ga Oktoba 1987 Dow Jones, ma'aunin hannun jarin Amurka, ya faɗi 22.6% a yini guda, kuma tun daga nan masu sayar da Put suka daina ba da shi da araha. Farashi yakan hau a hankali, ya sauko kamar ruwan Agusta. Manyan asusun fansho suna rububin Put don kare dukiyarsu, masu riƙe da hannun jari kuma suna sayar da Call don ɗan ƙarin kuɗi. Ɗaya ana nemansa, ɗaya ya cika kasuwa. A masara abin yakan juye, don abin fargaba can shi ne ƙarancin hatsi da hauhawar farashi, sai Call ya fi tsada.

To, mai neman kariya me zai saya? Put na 90 shi kaɗai dala 43 ne, amma sai farashi ya sauka ƙasa da 89.57 ranar ƙarewa ya mayar da kuɗinsa. In ka sayar da Call na 110 don rage nauyi, dala 12 kawai ka samu, saura 31, kuma ka yafe duk ribar da ta wuce 110. Ni dai ban ga dacewar wannan ba a irin wannan karkata: ka sayar da mai araha, ka sayi mai tsada.

Na fi son sayen Put na 95, kusan dala 115 in IV ɗinsa 27% ne, sannan a sayar da na 90 mai tsadar nan. Ka biya 72, kariya ta fara tun daga 95. Illarsa a fili take: ƙasa da 90 ba ka da ƙarin garkuwa. Don haka na tambayi ƙanen nawa, faɗuwar 10% yake tsoro ko irin ta 1987? Ya ce irin ta 1987, sai ya biya dala 43 ɗin.