Sharhi kan duba haƙoran yara: tabo iri uku ne

Asibitin haƙorin da na kai yarana biyu a Kano ya cancanci yabo kan abu guda: likitar ba ta yi gaggawar cewa a wanke ko a cike ba. Sai da ta goge haƙoran, ta busar da su da iska, ta haska fitila, sannan ta fara tambaya.

Babbar, mai shekara 11, tana da fari-fari kamar hazo a kusan duk haƙoran gaba, da siraran layuka a kwance. Likitar ta nuna min cewa tabon na dama daidai yake da na hagu, ba shi da iyaka takamaimai, kuma saman haƙorin sumul yake yana sheƙi. "Hajiya, wane ruwa ta sha tana ƙarama?" Ruwan burtsatse ne a garinmu. Ta ce fulorosis ne, wato sinadarin fulorayid ya yi yawa lokacin da haƙoran ke ginuwa a cikin dasashi, kafin shekara 8. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ba ruɓewa ba ce, buroshi ba ya cire shi, kuma ba sabon abu ne ke cin haƙorin ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta gano wani farin daban a bakin yarinyar. Yana kwance a gindin haƙora biyu, dab da dasashi, inda datti ke taruwa. Da iska ta busar da wurin sai ya fito fat kamar alli, babu sheƙi, da ɗan kaushi. Wannan farkon ruɓewa ne: ƙwayoyin cuta sun samu sukari, sun fitar da tsami yana zaizaye ɓawon haƙorin. Tunda bai zama kogo ba, yana iya farfaɗowa. Ta shafa maganin fulorayid, ta ce a riƙa goge baki safe da dare, a rage alewa da lemon kwalba. Na tambaya ko maganin zai ƙara mata fulorosis, ta ce a'a, haƙoran gaban sun riga sun gama ginuwa.

Na ƙanen nata haƙori ɗaya ne tak, mai ɗan rami da launin rawaya. Ɓawon ne bai cika kauri ba tun asali, domin ya taɓa faɗuwa ya bugi haƙorin nono, bugun ya shafi na dindindin da ke ginuwa a cikin dasashi. Da zazzaɓi mai tsanani ne ko ƙyanda ko tamowa, in ji ta, da an ga ramukan a jere a haƙora da yawa. An cike shi da farin ciko.

Inda suka gaza: layi ya yi tsawo, kuma ba su gaya min inda zan kai ruwan burtsatsen a auna ba, alhali akwai ƙananan yara a gidan da har yanzu shi suke sha.