Hattara da masu nuna muku takardar kamfani da aka fassara

Akwai masu neman kuɗin jama'a da sunan saka jari, kuma sabon shiga suka fi farauta. Za su turo maka takardar bayanin dukiyar wani kamfani na ƙasar waje, su ce sun fassara maka ita don ka gani da idonka. Sai su ɗora yatsa a kan adadi mafi girma su ce ga ƙarfin kamfanin.

Takardar nan kashi uku ce. Akwai kadarori, wato abin da kamfani ya mallaka har da bashin da yake bin wasu. Akwai basussukan da ake bin sa. Sannan akwai rabon masu kamfani, wanda shi ne abin da ya rage in an cire bashi daga kadara. Saboda haka jimillar kadarori kullum daidai take da bashi a haɗe da rabon masu kamfani. Ko kamfanin da ya durƙushe, takardarsa za ta daidaita, don haka daidaituwar ba shaidar lafiya ba ce.

A nan ake yin cutar. Layin ƙarshe, wanda ya haɗa bashi da rabon masu kamfani, sai a rubuta masa "jimillar jari" a fassarar.

Ɗauki misali. An nuna maka kadarori na miliyan 500. Da ka duba ciki, tsabar kuɗi miliyan 20 ne kacal, fili 180 wanda su da kansu suka yi masa ƙima, sauran 300 kuwa bashi ne da suke bin wani kamfani, shi ma nasu. Ana bin su miliyan 460, kuma 400 daga ciki dole a biya cikin wata 12. Rabon masu kamfani 40 ke nan, ba 500 ba. In kashi ɗaya cikin biyar na wancan 300 ya ƙi dawowa, an rasa 60, rabon ya ƙare har da giɓin 20. Mai hannun jari kuwa shi ake biya a ƙarshe in kamfani ya rushe, bayan duk masu bin bashi. To da me za a ba ka ribar da aka yi maka alkawari duk wata? Da kuɗin wanda ya shigo bayanka.

Kafin ka tura ko sisi, nemi takardar asali a harshenta, ka jera alƙaluman layi da layi. Lura da adadin da ke cikin baka biyu, domin galibi ragi ne ko asara, kuma bakan kan ɓace wajen fassara. Duba kwanan watan takardar, tun da hoton rana ɗaya ce kawai. Ka kuma nemi rahoton mai binciken asusu mai zaman kansa, ka tabbatar da shi daga ofishin mai binciken, ba daga bakin dillali ba. In aka ce maka asalin sirri ne ko gurbi zai cike yau, riƙe kuɗinka.