Na kai muryar kakata situdiyo a wanke, aka dawo mini da ita kamar daga cikin randa

Kwanaki na yi ina jira raina ya huce kafin in rubuta wannan, amma bai huce ba. Ba zan kira sunan situdiyon ba, masu harkar sun san irinsu, waɗanda ke rubuta "muna wanke murya" a jikin ƙofa, kuma kun san abin da suke karɓa a kan aikin minti goma sha biyar. Na biya ban nemi ragi ba.

Tatsuniyoyin kakata nake tarawa. Da ƙyar na shawo kanta ta yarda in naɗa, don cewa take yi, "Kai maigida, tatsuniya da rana? So kake in ɓata a kasuwa?" Ranar da ta yarda, da daddare ne, a falon kawuna: ƙasa tayil, bango siminti, babu labule, babu kafet. Na ajiye 'yar na'urar ɗaukar murya a kan teburin tsakiya, kusan mita ɗaya da rabi daga bakinta, na ƙure mata ƙarfi don ta jiyo ta. Ta yi tatsuniyar Gizo ta minti goma sha huɗu, jikoki suna amsa "ta zo mu ji ta", tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo har ita kanta dariya ta ƙwace mata. Da na sa iyafis washegari sai na ji abu biyu. Akwai wani "shuuu" da ba ya tsayawa daga farko har ƙarshe, sannan kowace kalma tana jan jela a bayanta saboda amon ɗakin. Niyyata in shimfiɗa kiɗan gurmi a ƙarƙashin muryar a hankali, shi ya sa na kai a gyara kafin a haɗa.

Abin da suka turo mini, wallahi da farko na zaci belin kunnena ne ya lalace. Shuuu ɗin ya tafi kam, tas. Amma muryar ta koma kamar an tura kan tsohuwa cikin randa an ce ta yi magana. A bayan kowace kalma akwai wani ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa cokula a nesa, yana zuwa yana ɓacewa. Inda ta yi shiru kuma sai sautin ɗakin ya mutu ɗif, kamar an ɗauke wuta, sannan magana ta faɗo ba sallama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Gizo. Duk daɗin wurin yana cikin yadda take cewa "shayki" a maimakon "sarki", to "sh" ɗin ya tafi tare da shuuu ɗin. "Ayki" kawai ake ji. Ƙarshen tatsuniyar ma, "ƙurungus", an yanke masa "s".

Na koma. Yaron da ya yi aikin bai ko sa belin kunne ba ya ce, "Oga, ai rikodin ɗin ne ba shi da kyau." Na ce ya buɗe mini in ga abin da ya yi. Ya ja maɓallin rage ƙara ya kai wajen 30 dB a karo ɗaya, dB ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Wurin da ya zaɓa ya nuna wa kwamfuta cewa "wannan ne ƙarar" kuwa, ɗan gibi ne tsakanin kalmomi biyu, bai kai rabin daƙiƙa ba. A lokacin ban san illar wannan ba, sai da na kai fayil ɗin asali wurin wani abokin yayana da ya daɗe yana aikin sauti a gidan rediyo. Allah Ya taimake ni ban goge na asalin daga katin na'urar ba.

Yaya, haka nake kiransa, ya buɗe Audacity, wata manhajar gyaran sauti ta kyauta, a wata tsohuwar kwamfuta. Bayaninsa ya zauna mini. Ya ce wannan kayan aikin ba ya san murya, ba ya san ƙara, samfurin da ka ba shi kawai yake bi. Idan ka ba shi gibin da ke tsakanin kalmomi a ɗaki mai amo, to a cikin gibin akwai jelar muryar da numfashin mai magana, ka koya masa ke nan cewa muryar ma datti ce. Ya tambaye ni ko akwai inda na bar na'urar tana ɗauka babu mai magana. Ashe akwai: lokacin da Kaka ta kora yara su kira sauran, ni ma na bi su, an sami kusan daƙiƙa ashirin na ɗaki zalla. Ya zaɓi daƙiƙa biyar daga tsakiya, ya shiga Noise Reduction ya danna Get Noise Profile. Sannan ya zaɓi fayil ɗin gaba ɗaya ya sake buɗe Noise Reduction ɗin, ya sa Noise reduction a 9, Sensitivity a 6, Frequency smoothing a 3.

Kafin ya danna OK sai ya zaɓi Residue ya ce in saurara. Wannan yana jiyar da kai abin da za a cire ne, ba abin da zai rage ba. A 9, shuuu kawai nake ji, da ɗan motsin magana can ƙasa wanda ba a gane shi. Ya ɗaga zuwa 30 don in ji aikin da aka yi mini. Sai ga kakata ɓaro-ɓaro a cikin shara: "sh", "s", "ts", "f", duk suna nan ana shirin zubarwa. Dalilin, in ji shi, waɗannan haruffan su ma iska ce ke fita ta tsakanin haƙora ko leɓɓa, suna zaune a sama-saman sauti inda shuuu yake, kuma ba su da ƙarfi kamar wasula. In ka matsa, su ne farkon tafiya. Ƙyal-ƙyal ɗin cokulan kuma guntattakin ƙarar ne da suka tsira nan da can bayan an kashe na kusa da su, sai su riƙa ƙyaftawa ɗai-ɗai. Ya mayar 9, ya koma Reduce, ya danna. A ma'aunin sauti, shirun ɗakin ya sauko daga wajen -48 dB zuwa wajen -57. Kafin wannan ya riga ya sa High-Pass Filter a 80 Hz don zubar da gurnanin da ke ƙasa-ƙasan sauti, wanda muryar tsohuwa ba ta da komai a cikinsa.

Na ce, "Yaya, ai har yanzu ina jin shuuu ɗin kaɗan." Ya ce in bari a sa gurmin tukuna. Da ya shimfiɗa kiɗan a ƙasa, kimanin 18 dB ƙasa da muryar, na nemi shuuu na rasa. Kiɗan ya rufe ragowar. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da situdiyon: sun san da bakina na ce za a sa kiɗa, babu dalilin da zai sa a kankare muryar har ƙashi don neman shirun da ba wanda zai ji shi.

Sai dai a nan dole in sassauta musu, don gaskiya gaskiya ce. Amon ɗakin ba laifinsu ba ne, nawa ne, kuma Yaya ma bai iya cire shi ba. Shuuu abu ne tsayayye, yadda yake a minti na ɗaya haka yake a minti na goma, shi ya sa samfuri ɗaya ke isa. Amo kuwa muryar ce da kanta ta bugi tayil da bango ta dawo a makare, yana canzawa da kowace kalma, kuma yana kwance a kan kalmar da ke biye. Babu samfurin da za ka ɗauka. Abin da Yaya ya iya yi guda biyu ne. Ya rage kusan 3 dB a wajen 300 Hz da Filter Curve EQ, inda muryar ke yin "bum-bum" irin na ɗakin da babu kaya. Sannan ya sa Noise Gate mai sauƙin hannu, Level reduction a -10 kawai, don jelar da ke bayan jimla ta yi saurin kwanciya ba tare da wurin ya mutu ɗif ba. Amon da ke cikin maganar kanta yana nan daram. Ya kuma hana ni matse muryar da Compressor sosai, don matsewa tana ɗago ƙananan sautuka, amo da shuuu kuwa su ne ƙananan. In za a yi, bayan an wanke ne, kuma kaɗan. Ya ce akwai manhajojin da aka yi musamman don rage amo, suna taimakawa in amon bai yi yawa ba, amma in makirfo ya yi nisa irin nawa, da ka matsa musu muryar randar nan za ta dawo.

Don haka da yaron ya ce mini tun ranar farko, "Oga, shuuu zai ragu, amo ba zai fita ba, ka sake ɗauka in da hali," da na gode masa na ba shi na shayi. Bai faɗa ba. Ya karɓi kuɗi ya ce in dawo jibi. Kuma yanzu da nake rubutu na tuna wani abin: ban ce su haɗa da kiɗa ba, na ce su wanke su ba ni muryar ita kaɗai a WAV. Suka ɗora wani kiɗan fiyano nasu, suka turo MP3 ta WhatsApp. Da na nemi muryar zalla sai aka ce an goge don kwamfutar ta cika. Murya in ta riga ta cakuɗe da kiɗa, samfurin ƙara ba ya aiki yadda ya kamata, don duk abin da ka rage sai ya taɓa kiɗan. Da ban ajiye na asalin ba, da tatsuniyar ta tafi ke nan. Sassaucin da na yi musu ɗazu, na janye rabinsa.

Makon jiya na sake ɗaukar Kaka, wannan karon a ɗakin kwananta: katifa, labule, tulin zannuwa a kan akwati, fanka a kashe. Na riƙe na'urar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ɗan gefe don kada iskar "f" ta buge ta. Yaya ya ce duk lokacin da ka rage nisa da rabi, muryar na ƙaruwa da kusan 6 dB alhali amon ɗakin yana nan kusan yadda yake, kuma daga mita ɗaya da rabi zuwa taƙi ɗaya an rage rabi kusan sau uku. Ban ƙure ƙarfin na'urar ba, shuuu ɗin ma da ƙyar ake jinsa, rage 6 dB a Noise Reduction ya ishe shi. Na bar daƙiƙa goma na shiru kafin ta fara, tana harara ta tana cewa, "Maigida, zaman makoki muke yi ne?"

Amma ta ƙi maimaita ta Gizo. Ta ce ta riga ta ba ni, in na zubar ruwana. Don haka wadda ke hannuna ita ce ta falon kawu, da amonta, da gurmi a ƙasa, da "shayki" ɗinsa cikakke. Situdiyon kuma har yau ba su ɗaga wayata ba a kan maganar kuɗina.